Gidan Wa Ruwa Zai Fara Shiga? Shirin Taswirar Lungunan Ard al-Liwa

 A zaman kwamitin taimako da ya gabata mun yi alkawarin za mu yi bayani dalla-dalla a kan aikin da muke so mu fara kafin sanyi ya shigo, wato gano gidajen da ruwa ke shiga a lungunan da mutanenmu ke haya a Ard al-Liwa, tare da zana su a taswira. Nan gaba kaɗan za ku ga samari da 'yan mata riƙe da tiyo da sanda da littafi suna sallama a ƙofofinku. Ya kamata ku san abin da za su auna, da dalilin aunawar, da kuma inda amsoshinku za su je.

Abin da ya sa muka tashi

Wanda ya taso a Kano ko Maraɗi ko Kumasi zai yi dariya in aka ce masa ana fargabar ruwan sama a Alƙahira. Abin da ke sauka a nan a shekara guda bai wuce kimanin milimita 25 ba, wanda hadari ɗaya na watan Agusta a gida kan zubar da fiye da shi kafin a idar da sallar la'asar. Kogin Nilu kuma ya daina cika yana malala kan gonaki tun da aka kammala babbar madatsar Aswan a 1970. Saboda haka ambaliyar da muke magana a kanta ta bambanta da wadda ta ci Maiduguri a Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, ta kuma bambanta da ta Accra ta ranar 3 ga Yunin 2015. Tamu ƙarama ce, ba ta cika wuce gwiwa ba. Amma ruwan da ya kai idon sawu a titi ya isa ya cinye katifa da buhun shinkafa da takardun mai kwana a ƙasa, kuma in ya taɓa soket ya isa ya yi kisa.

Waɗanda suke nan a ranakun 12 da 13 ga Maris na 2020 ba su manta ba. An yi ruwa da iska irin wanda aka daɗe ba a gani ba, gwamnati ta ba da hutu, an yanke ruwan famfo a sassa da dama na birnin saboda bututun ƙazanta sun cika, kuma mutane kusan ashirin suka rasu a faɗin Masar. A wancan makon mun raba barguna da katifu, amma mun raba su ne ga wanda ya kira mu a waya ko ya zo masallaci ya faɗa. Sai bayan kwana huɗu muka ji labarin wata baiwar Allah mai marayu uku a ƙuryar wani lungu, wadda ta kwana biyu a kan matakala da 'ya'yanta, takardunsu duk sun jiƙe sun manne. Ba ta da lambar kowa a cikinmu. Tun daga ranar muke cewa da mun san gidajen da ke kwari tun kafin hadari, da ƙofarta za mu fara bugawa.

Yadda unguwar take, da inda ruwa ke fitowa

Ard al-Liwa tana cikin lardin Giza, yamma da Muhandisin, layin dogo ne ya raba su, Bulak Dakrur kuma tana kudu da ita. Dā gonaki ne. Daga shekarun 1970 aka riƙa yanka su ana sayarwa ana gini, shi ya sa lungunan suke dogaye, siriri, a miƙe: sun bi sawun kunyoyi da hanyoyin ban ruwa na dā. Ƙasar gona ta bakin Nilu shimfiɗaɗɗiya ce kamar faranti, ba ta da gangaren da zai kwashe ruwa ya kai shi wani wuri. Kuma yawancin titunan birnin ba su da lambatun ruwan sama na daban, duk abin da ya sauka bututun ƙazanta yake nema.

Ga ɗan lissafi da zai nuna yadda ruwa kaɗan ke zama da yawa. Milimita ɗaya na ruwan sama yana nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Ɗauki lungu mai tsawon mita 100 da faɗin mita 4, da benaye goma a kowane gefe, kowane rufi murabba'in mita 100. In aka yi ruwa na milimita 20, kowane rufi zai zubo lita 2,000, wato duro goma. Rufi ashirin sun ba da lita 40,000, a haɗa da lita 8,000 da ta sauka a lungun kansa, an sami 48,000. In bututu ya toshe, ruwan zai kwanta da zurfin santimita 12 daga farkon lungu zuwa ƙarshe. In kuwa rabin lungun ya ɗan fi rabi kwari, can zai taru, zurfin ya kusa ninkawa.

Akwai wani abu kuma da masu haya sababbi ba su lura da shi. Titi yana hawa, gida ba ya hawa. Duk lokacin da aka haƙa aka binne bututu aka cike, ko aka zuba ɓaraguzan gini, ko aka shimfiɗa sabon bulo a kan tsoho, lungun yana ƙara tsawo. Gidan da aka gina shekara arba'in da suka wuce da matakala biyu na hawa, yau sai an sauka taki ɗaya ake shiga cikinsa. Irin waɗannan ɗakuna na ƙasa da na ƙarƙashin bene, waɗanda Misirawa ke kira badrum, su ne mafi arha, su ne kuma mutanenmu suka fi kamawa.

Ruwa yana shiga irin wannan ɗaki ta hanya uku. Yana iya tsallako dokin ƙofa daga titi. Yana iya bullowa daga ƙasa ta makwararar banɗaki, idan bututun ƙazanta na lungu ya cika ya juyo da baya. Yana iya kuma tsattsafowa a hankali ta bango da daɓe, daga danshin ƙasa ko daga bututun da ke yoyo. Kowanne da maganinsa, kuma maganin wani ba ya yi wa wani. Don haka taswirar da ta ce kawai "wannan gida ruwa na shiga" ba ta gama aiki ba, sai ta faɗi ta ina yake shiga, kuma zuwa ina yake kaiwa.

Abin da tauraron ɗan'adam ke iya gani

Wasu daga cikin ɗalibanmu sun kawo shawarar a sauko da bayanan tsawon ƙasa daga intanet a huta. Akwai su kyauta. Mafi shahara shi ne SRTM, wanda aka auna daga kumbon Endeavour a Fabrairun 2000, sai kuma na Turai da ya fi shi sabunta, Copernicus GLO-30. Dukansu suna raba doron ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin mita 30 a tsaye da 30 a kwance, su ba shi lamba ɗaya ta tsawo.

Matsalar a fili take. Lungun mita 4 ya ɓace a cikin gidan mita 30. Na biyu, na'urar tana auna abin da ta fara cin karo da shi daga sama, a Ard al-Liwa kuwa rufin bene mai hawa shida ko goma ne, shi ya sa sabon dogon bene kan fito a taswirar kamar tudu alhali ƙofarsa tana cikin kwari. Na uku, kuskuren waɗannan bayanai ana lissafa shi ne da mitoci, mu kuwa abin da ke raba gidan da ya jiƙe da wanda ya tsira bai fi taƙi ɗaya ba. GPS na waya ma haka yake. A fili yakan yi kuskuren mita biyar, a tsakanin dogayen benaye ya fi haka, kuma a wajen tsawo ya fi yin ɓata.

Duk da haka ba za mu yar da su ba. Za mu buɗe bayanan a manhajar QGIS, mu ɗora taswirar tituna ta OpenStreetMap a kai, mu duba wurare masu fili kamar gefen layin dogo da manyan tituna, don mu sami hoton unguwar gaba ɗaya da inda ya kamata a fara. Daga nan aikinsu ya ƙare, sauran na ƙafa ne. Mutanen Dar es Salaam a Tanzaniya sun bi irin wannan hanya tun 2015 a shirinsu na Ramani Huria, inda ɗalibai da mazauna unguwanni suka bi lungu-lungu suna zana magudanai da wuraren da ruwa ke kwanciya, saboda hoton sama bai wadatar ba.

Awon ƙafa: tiyo, sanda da alli

Kayan aikin da za mu dogara da shi kowane birkila ya san shi. Tiyo ne siriri wanda ake ganin cikinsa, mai tsawon mita 15 zuwa 20, a cika shi da ruwa a bar ɗan fili a bakunan biyu. Maginan Masar suna yawan aiki da shi wajen daidaita daɓe. Hikimarsa ɗaya ce: ruwan da ke cikin tiyo ɗaya, in bakunan a buɗe suke, tsawonsa a wannan baki daidai yake da na wancan, ko da tiyon ya zagaya kwana ko ya shiga ɗaki.

A kowane lungu za a fara da zaɓen alama, wato wuri mai ƙarfi da ba ya motsi a bakin lungu, kamar gefen matakalar siminti. Shi ne sifilin wannan lungu, kowane awo da shi za a gwada. Mutum ɗaya ya tsaya a alama da sanda mai tef na awo, ya jingina bakin tiyo a jikinta. Na biyu ya je inda ake son aunawa da tasa sandar. In ruwa ya natsu, kowa ya karanta tsawon ruwan daga ƙasa. A ce na alama ya karanta 100, na biyu ya karanta 112. Ma'ana wurin na biyu ya fi alama ƙasa da santimita 12. Abin da za a riƙe shi ne, inda lamba ta fi girma, nan ne kwari. In tiyo ya ƙare, sai a yi sabuwar alama da alli a inda aka tsaya, a rubuta nawa take ƙasa ko sama da ta farko, a ci gaba daga nan.

A kowane gida mai ɗaki a ƙasa abu huɗu za a auna: titin da ke gaban ƙofa, saman dokin ƙofa, daɓen ɗakin da ya fi zurfi, da bakin makwararar banɗaki. Sai a ƙara da tef kawai a auna tsawon soket mafi ƙasa daga daɓe. A lungun kuma a rubuta inda kowane murfin ramin ƙazanta yake, da ko an binne shi. Lambar gida za a sa a kan taswirar takarda da aka buga, a ƙirga ƙofofi daga bakin lungu, domin ƙirgen ƙofa ya fi GPS gaskiya a nan.

Tiyo ma yana ƙarya in ba a kula ba. Kumfar iska a ciki, ko lanƙwasa, ko wani ya taka shi, ko yatsa ya toshe baki, ko rabinsa ya daɗe a rana rabi a inuwa, duk suna karkatar da awo. Gwajinsa mai sauƙi ne: kafin a fara da bayan an gama, a haɗa bakunan biyu gefe da gefe, dole ruwan ya tsaya daidai. Sannan in an kai ƙarshen lungu a juyo ana aunawa har a dawo alamar farko. Lissafi ya kamata ya dawo sifili. Mun yanke cewa in ya kauce da fiye da santimita 2, a sake lungun gaba ɗaya, ko da an gaji.

Tambayar mazauna

Awo yana faɗin inda ruwa zai iya zuwa, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambayoyin ba su da yawa, kuma ba za su ɗauki fiye da minti goma sha biyar ba. Tun yaushe kuke wannan ɗaki? Ruwa ya taɓa shiga? Ta ina ya fara bayyana? Wane launi ne, yana wari? Awa nawa ya yi kafin ya janye? Su wa ke kwana a ƙasa, akwai tsoho ko mara lafiya ko jariri?

Ba za mu ce wa kowa ya faɗi zurfin ruwa da lamba ba. Za mu roƙe shi ya ɗora hannu a bango inda ruwan ya tsaya, ko ya nuna tabon da ya bari a ƙafar kabad ko jikin ƙofa, mu kuma mu auna wurin da tiyo. Wajen tuna lokaci, ruwan 2020 yana da alama mai kyau: shi ne wanda aka yi kwana biyu ko uku kafin a rufe makarantu saboda korona. Wannan zai hana a gauraya shi da na Oktoban 2019, wanda ya fi yin ɓarna a gabashin birnin.

Yawancin amsoshi masu amfani suna wajen mata, domin su suka kwashe ruwan da bokiti, saboda haka kowace tawaga za ta kasance da mace, kuma ita za ta shiga ciki. 'Yan'uwan da suka iso daga Sudan bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 ba su ga ruwan 2020 ba. In mai ɗaki ya ce "tun da na zo ban ga komai ba", ba za a rubuta gidan a matsayin lafiyayye ba, sai a nemi mai gadin bene, ko mai shagon kusa, ko maƙwabcin da ya daɗe. Mun kuma san wani zai ƙara gishiri don yana zaton za a raba kaya, wani kuma zai rage don tsoron kada mai gida ya ji ya kore shi. Ba sai an yi gardama da kowa ba. Ruwan da ya kwanta a lungu ɗaya samansa a miƙe yake, don haka in aka sami tabo uku a gidaje uku, awonsu ya kamata ya zo kusa da juna. Wanda ya yi nisa da sauran, a koma a sake dubawa cikin mutunci.

Misali da gidaje huɗu

Ga misalin da muka tsara don koya wa masu aikin sa kai, kowace lamba a santimita, kuma an gwada ta da alamar bakin lungu. A ce an sami tabon ruwa uku a bangayen waje: ɗaya yana ƙasa da alama da 5, ɗaya da 6, ɗaya da 8. Sun yi kusa, sai mu ɗauka saman ruwan ya tsaya a 6 ƙasa da alama.

Gida na farko yana kusa da bakin lungu. Dokin ƙofarsa yana sama da alama da 14, wato ya fi ruwan tsawo da 20. Daɓensa ma a nan yake. Mazauna sun ce ruwa bai taɓa shiga ba. Awo da magana sun dace, gidan ya sami kore.

Gida na biyu yana tsakiya. Dokin ƙofarsa yana ƙasa da alama da 13, wato ruwan ya haye shi da 7. Bakwai ba ta da yawa a ido, amma daɓen ɗakin yana ƙasa da alama da 35. Ruwa in ya sami hanya ba ya tsayawa sai na ciki ya yi daidai da na waje, don haka ɗakin zai iya ɗaukar zurfin 29, kuma soket ɗinsa yana 25 daga daɓe. Matar gidan ta ce ruwan ta ƙofa ya shigo, launin ƙasa ne. Wannan ja ne. Abin da yake buƙata shi ne a ɗaga dokin ƙofa da bulo da siminti, ko a yi masa katakon tare ruwa mai shiga cikin kwarmi, a kuma mayar da soket sama.

Gida na uku shi ne mai koyarwa. Mai shi ya riga ya ɗaga dokin ƙofa, yana ƙasa da alama da 2 kacal, wato ya fi ruwan da 4. Wanda ya tsaya a waje zai ce ya tsira. Amma mazauna sun ce sun kwana cikin ruwa baƙi mai wari, kuma daga banɗaki ya fito. Awo ya nuna bakin makwararar yana ƙasa da alama da 30. Lokacin da bututun lungu ya cika har ruwa ya kwanta a titi, makwararar ta zama kamar ɗaya bakin tiyon: ruwan ƙazanta ya taso ta nan yana neman daidaita da na waje, zurfin da zai iya kai wa 24. Shi ma ja ne, amma ƙara bulo a ƙofa asarar kuɗi ce, har ma zai hana a share ruwan waje. Maganinsa wajen mai gyaran famfo yake: a sa wa bututun abin da ke barin ruwa ya fita ya hana shi dawowa, ko a tanadi matoshi mai ƙarfi. Sai dai a tabbata bututun benayen sama bai haɗu da nasa a bayan matoshin ba, in ba haka ba ƙazantar maƙwabtan sama ce za ta cika ɗakin.

Gida na huɗu ƙofarsa da makwararsa duk suna sama da ruwan, amma bangonsa a jiƙe yake rani da sanyi, fenti na ɓarewa, farin gishiri na fitowa har tsawon gwiwa. Wannan tsattsafowa ce, hadari bai da hannu sosai a ciki. Za a sa masa shuɗi, a ba da shawarar a duba bututun ruwa, a ɗaga katifa a kan katako, a matsar da ita daga bango saboda ƙirjin yara.

Tsakanin kore da ja akwai rawaya: gidan da bai taɓa jiƙewa ba amma ƙofarsa ba ta fi tsohon ruwan da santimita 10 ba. Mun bar wannan rata ne saboda tuktuk in ya ratsa ruwa yana tura igiya da ke tsallake ƙofa, kuma ruwan gaba yana iya fin na baya.

Izini da amana

Mu baƙi ne a ƙasar mutane, kuma Masar ba ta wasa da batun tattara bayanai. Dokar ƙungiyoyi mai lamba 149 ta 2019 ta hana ƙungiya yin binciken fili ko jin ra'ayin jama'a ba tare da amincewar hukumar ƙididdiga ta ƙasa, CAPMAS, ba. Jirgi mara matuƙi kuwa dokar 2017 ta haramta shi sai da izinin ma'aikatar tsaro, don haka kada wani yaro ya kawo mana wannan shawara. Ba za mu fara ba sai ta hannun ƙungiyar Misirawa mai rajista, da sanin ofishin gunduma, kuma kowace tawaga da ɗan unguwa Bamisire a cikinta. Ba ɗaukar hoton titi ko na mutane. Maƙwabtanmu Misirawa da 'yan Sudan da Eritiriya da ke lungu ɗaya da mu za a auna nasu in sun yarda, tun da bututu ɗaya muke amfani da shi.

A kan taswira lamba da launi kawai za a gani. Sunaye da lambobin waya suna cikin littafi ɗaya da zai zauna a hannun dattawa biyu da jama'a za su zaɓa. Ba za a tambayi kowa takardar zama ko fasfo ko kuɗin haya ba. Ba za a tura taswirar a zaurukan waya ba, domin in ta faɗa hannun dillalai za ta iya zama abin tayar da mai haya. Wanda ya ce ba ya so, a yi masa godiya a wuce, kuma wannan ba zai hana shi taimako ba ranar da ya buƙata.

Abin da za a yi da ita

Muna so mu fara da lungu goma da mutanenmu suka fi yawa, tawaga uku ta mutum uku-uku, a gama awo kafin ƙarshen Oktoba, tun da daga nan zuwa Maris ne ake sa ran ruwa. Gidajen ja za a jera su bisa zurfin ruwa da kuma wanda ke kwana a ciki: ɗakin da zai ɗauki santimita 15 da tsohuwa mara tafiya yana gaban shagon da zai ɗauki 30. Kowane gidan ja za a haɗa shi da wani gida a hawa na sama da ya yarda ya karɓi mutanensa dare ɗaya, da mutum ɗaya da zai buga masa ƙofa in an yi gargaɗin hadari. Kuɗin da aka tara zai tafi ga bulo, matoshi da ɗaga soket, da yardar masu gidajen. Jerin ramukan da suka toshe ko aka binne kuma za a miƙa shi ga kamfanin ruwa ta hannun abokan aikinmu. Kowa ya riƙe lambobin nan: 125 ta ruwa da bututun ƙazanta, 121 ta lantarki, 123 ta motar asibiti.

Taswirar tana da iyaka. Ta ginu ne a kan ruwan da aka riga aka gani, kuma duk ranar da aka sake shimfiɗa bulo a lungu ko aka ɗaga wata ƙofa, lambobin wannan lungu sun tsufa, sai an sake awo. Kore ba ya nufin a bar takardu a ƙasa. Tun yau kowa ya sa fasfo da katuna da takardun haihuwar yara a leda mai rufewa, ya ajiye su sama da kafaɗa.

Abin da muke roƙo a wajen dattawa shi ne ku zaɓa mana mutum biyu masu riƙon littafi, ku kuma yi wa masu gidajen haya magana kafin yaran su iso. Iyaye mata, kada a goge tabon ruwa ko a shafe shi da fenti sai an auna. Wanda ya taɓa aikin gini kuma ya iya tiyo, ya same mu bayan sallar Juma'a, muna buƙatar mutum uku da za su koya wa sauran. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya sa mu gama lafiya. Wassalam.